Faifan C ya cika, kuma giga sama da ɗari sun ɓace mini a lissafi

Abu_Hanan_Madina

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina neman shawara a kan kwamfutar da nake rubuta risalar majistir ɗina da ita. An sayar mini da ita a matsayin mai giga 256, Windows 11 ce a kai, RAM ɗinta giga 16 ne. Tun makon jiya layin da ke ƙarƙashin faifan C ya koma ja, yanzu giga 4 kacal suka rage daga cikin 237 da take nunawa. Jiya bayan sallar isha na zauna na auna foldojin ɗaya bayan ɗaya ta hanyar Properties. Na sami `Windows` giga 31, `Program Files` guda biyu a haɗe giga 24, sannan na shiga foldar da ke ɗauke da sunana na auna Documents da Downloads da Pictures da Videos da Desktop, suka ba ni 65. Jimilla 120 ke nan, alhali kwamfutar tana cewa an cinye 233. Ina sauran 113 suke? Kuma a cikin `Windows` na ga wata folda mai suna `WinSxS` da ta kai giga 14, ban san amfaninta ba. Zan iya share ta?

Bashir_Jidda

Wa alaikumus salam, Ustaz. Wannan alama ce ta ƙwayar cuta, domin ita ce take ɓoye kanta tana cin wuri ba a ganinta. Shawarata ka kwashe risalarka a filas, ka kai wa mai gyara ya share faifan gaba ɗaya ya sake ɗora Windows. Haka na yi bara, kuma kwamfutar ta dawo sabuwa fil.

Injiniya_Sa'adatu

Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanan, kafin komai ka janye hannunka daga `WinSxS`, zan dawo kanta. Malam Bashir, ba na musun cewa sake ɗora Windows yana samar da wuri, amma yana samarwa ne saboda ya share komai, mai amfani da marar amfani, kuma mutum ba zai taɓa sanin abin da ya rasa ba sai ranar da ya neme shi.

Giɓin da ke cikin lissafin nan ba abin mamaki ba ne. Na farko, giga 256 na masu sayarwa da 237 na Windows abu ɗaya ne: masu ƙera faifai suna ƙirga giga a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, Windows kuwa yana ƙirga shi da ninkin 1024, wanda ya mayar da 256 kimanin 238, sannan an yanke ɗan kaɗan don sashen farfaɗo da tsarin. Wannan ba wurin da za a dawo da shi ba ne. Na biyu, ka auna abin da idonka ya gani ne kawai. A cikin foldar sunanka akwai wata ɓoyayyiya, `AppData`, inda manhajoji suke jibge kayansu, kuma tun da ka zaɓi foldojin da suka bayyana ne kaɗai, ita ba ta shiga lissafi ba. A tushen C ma akwai manyan fayiloli da foldojin tsarin da ba a nunawa.

Maimakon ka ci gaba da aunawa da hannu, ka sauke WizTree ko WinDirStat ko TreeSize Free daga shafin masu su. Ka danna dama a kan manhajar ka zaɓi Run as administrator, domin idan ba haka ba akwai wuraren da ba za a bar ta ta leƙa ba, ka sake samun giɓi. Ni WizTree na fi so saboda tana karanta teburin da NTFS, tsarin da Windows yake jera fayiloli da shi a faifai, yake rubuta sunaye da girman dukkan fayiloli kai tsaye, shi ya sa take gamawa cikin daƙiƙoƙi. Idan ta gama, kada ka share komai. Ka kawo mana manya guda goma na sama da girmansu.

Dan_Misfala

Ni ma wayata haka take yi mini, kullum tana cewa wuri ya ƙare, sai na shiga WhatsApp na rage bidiyoyin da ake turowa a rukunoni. Ka gwada hakan, Malam.

Abu_Hanan_Madina

Allah ya saka da alheri, Dan_Misfala, sai dai kwamfuta nake magana a kai ba waya ba. Injiniya, na yi kamar yadda kika ce, ga abin da ban gani ba jiya:

```
C:\Users\...\AppData            74 GB
C:\System Volume Information    12 GB
C:\$Recycle.Bin                  9 GB
C:\hiberfil.sys                6.4 GB
C:\ProgramData                   6 GB
C:\pagefile.sys                4.8 GB
```

Na haɗa su sun haura 112, wato kusan duk abin da ya ɓace mini. Da na buɗe `AppData`, giga 58 suna wuri ɗaya ne, `Roaming\Apple Computer\MobileSync\Backup`. Sauran kuwa `Local\Temp` giga 5, `Roaming\Telegram Desktop` giga 6, da wasu ƙanana. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ni ba na amfani da wayar Apple yanzu.

Malam_Yahuza_Riyad

Alhamdu lillahi, ashe ba cuta ba ce. Ni dai a fahimtata duk abin da ke cikin `AppData` tarkace ne na wucin gadi, manhajoji suna sake ƙirƙirarsa idan an share. Ka share giga 74 ɗin nan baki ɗaya ka huta. `WinSxS` kuwa na yarda da Injiniya, na taɓa karanta cewa girman da take nunawa ba na gaskiya ba ne, don haka ko ka share ba za ka sami komai ba.

Injiniya_Sa'adatu

Malam Yahuza, maganarka ta biyu tana da tushe, ta farkon kuwa tana da hatsari. Gaskiya ne akwai tarkace a `AppData`, kamar `Temp` da ajiyar wucin gadi ta manhajojin shiga intanet. Amma a nan ne kuma ake ajiye saitunan manhajoji, da jerin shafukan da mutum ya adana, da kalmomin sirrin da manhajar intanet ta riƙe masa, wani lokaci har da wasiƙun da babu kwafinsu a ko'ina. Ba a hukunta folda da sunan uwarta. Tambayar da nake yi wa kowace babbar folda ita ce: wa ya rubuta ta, kuma idan ta tafi, daga ina za a sake samun abin da ke ciki? Idan amsar ita ce daga intanet ko manhajar za ta sake gina shi, to sharewa asarar lokaci ce kawai. Idan amsar ita ce babu inda za a samu, to wannan ba tarkace ba ne komai munin sunansa.

Game da `WinSxS`, nan ne Windows yake ajiye sassan jikinsa. Da yawa daga fayilolin da ke `System32` da waɗanda ke `WinSxS` fayil ɗaya ne a kan faifai mai suna biyu, sai mai aunawa ya ƙirga shi sau biyu. Saboda haka giga 14 ɗin sun wuce abin da foldar take ci ita kaɗai. Amma ba daidai ba ne a ce babu abin da za a samu, domin tana kuma riƙe tsofaffin sassan da sabuntawa ta maye gurbinsu. Windows da kansa zai faɗa maka gaskiyar lamarin idan ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta:

```
Dism.exe /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore
```

A ƙarshen rahoton akwai layin `Component Store Cleanup Recommended`. Idan ya ce `Yes`, sai ka bi shi da wannan:

```
Dism.exe /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup
```

Za ka ga wasu suna ƙara `/ResetBase` a ƙarshe. Yana ƙara samar da wuri, amma bayansa ba za ka iya cire sabuntawar da aka riga aka ɗora ba idan ɗayansu ta kawo matsala. Mai rubuta risala ba ya bukatar wannan kasadar a kan giga ɗaya ko biyu. Sharewa da hannu kuwa hanya ce ta lalata Windows, ba ta gyara ba.

Ummu_Sadik

Ina goyon bayan Injiniya da abin da ya same ni. Shekara biyu da suka wuce, a ofishin da nake aikin lissafi a nan Dammam, faifan kwamfutata ya cika, na yi amfani da irin manhajar nan na ga `C:\Windows\Installer` ta kai giga 11, cike da fayiloli masu sunaye marasa ma'ana da suka ƙare da `.msi` da `.msp`. Na ɗauka ragowar abin da aka riga aka ɗora ne, na share. Kwamfutar ta ci gaba da aiki lafiya har kusan wata guda, ni ma na manta. Ranar da na zo cire wata manhajar lissafi don in ɗora sabuwarta, sai ta ƙi cirewa, ta ƙi gyaruwa, ta ƙi sabuntuwa, tana ta neman fayil ɗin da na share. Laifina ne ba na kowa ba. Abin da nake so Malam Abu Hanan ya riƙe shi ne cewa kwamfuta ta tashi lafiya bayan sharewa ba hujja ba ce cewa sharewar ba ta yi ɓarna ba.

Abu_Hanan_Madina

Na gode, Ummu Sadik, na kuwa ga wannan foldar a jerin, kuma na bar ta. Game da giga 58 ɗin nan, yanzu na tuna. A Ramadanan da ya wuce gwaggona ta zo Umara daga Kano, wayarta ta fara mutuwa tana tashi da kanta, sai na haɗa ta da kwamfutata ta iTunes na yi mata kwafin ajiya kafin mu kai ta wurin gyara. A cikin `Backup` akwai foldoji biyu masu dogayen sunaye na haruffa da lambobi, ɗaya giga 41, ɗaya giga 17. Ina zaton ƙaramar ta tsohuwar wayata ce da na sayar. Na buɗe babbar don in ga ko hotunanta ne, amma babu abin da ake ganewa, ƙananan foldoji ne birjik da fayiloli marasa suna na kirki.

Sani_Mai_Waya

Wannan fannina ne, shekara tara ke nan ina gyaran waya a Jidda. Ustaz, haka kwafin yake, ba a buɗe shi kamar foldar hotuna, an yi shi ne don a mayar da shi kan waya gaba ɗaya. Kada ka share ko fayil ɗaya a ciki da nufin rage girma, domin kwafin da ya rasa wani ɓangare yana iya ƙin komawa kan waya.

Don ka san wanne ne na wa, ka buɗe iTunes ka shiga Edit, sannan Preferences, sannan Devices. Za ka ga sunan kowace waya da ranar da aka yi kwafin, kuma daga nan ake share wanda ba a so. Idan ka riga ka cire iTunes, a cikin kowace folda akwai fayil `Info.plist`, ka buɗe shi da Notepad ka nemi `Device Name` da `Last Backup Date`. Ga waɗanda suka ɗora manhajar daga Microsoft Store, kwafin ba ya cikin `AppData`, yana `C:\Users\sunanka\Apple\MobileSync\Backup`.

Na Hajiya kuwa ba kai ne za ka yanke hukuncinsa ba. Ka tambaye ta abu biyu. Bayan gyaran, an dawo mata da wayar da komai a ciki, ko an share ta? Idan an share, an mayar da kwafin nan kanta? Sau da yawa ina ganin alhazai sun koma gida da waya mai aiki, sai bayan watanni su lura hotunan da suka ɗauka a Harami babu su. Idan haka ta faru, to wannan giga 41 ɗin shi ne kaɗai wurin da hotunan suka rage a duniya.

Bashir_Jidda

To, na janye batun cuta. Amma da ya bi shawarata da tuni ya sami wurinsa.

Ummu_Sadik

Da ya samu, Malam Bashir, tare da share kwafin gwaggonsa ba tare da ya san yana nan ba.

Abu_Hanan_Madina

Malam Sani, na duba, babban na Gwaggo ne, ƙaramin nawa ne, kuma ranarsa ta haura shekara biyu. Na tura mata saƙon murya, ba ta amsa ba tukuna. Kafin nan, me zan iya sharewa yau ba tare da fargaba ba? Ina da babi na uku da zan miƙa wa mushrifina ranar Lahadi.

Injiniya_Sa'adatu

Ka fara da abin da Windows ya tanada. Ka shiga Settings, System, Storage, Temporary files, ka jira ya gama ƙirga. Za ka iya sa alama a Windows Update Cleanup da Temporary files da Delivery Optimization Files da Thumbnails. Recycle Bin kuma ka buɗe kwandon tukuna ka duba da idonka, domin giga 9 ba kaɗan ba ne, kuma mai rubuta risala yakan jefa tsohon babi a kwando ya dawo nemansa.

Akwai akwati ɗaya a wannan jerin da nake roƙonka ka tabbatar babu alama a kansa, shi ne Downloads. Yana zaune a tsakiyar tarkace kamar ɗayansu, alhali foldarka ce ta gaske. Wannan kai za ka shiga ka tace da hannu. Ka jera ta bisa girma, ina kyautata zaton za ka tarar da folda mai suna `Telegram Desktop` a ciki, domin nan ne manhajar take sauke fayiloli idan ba a canza mata wuri ba, kuma na san yadda ɗalibai suke da tashoshin darussa da littattafai.

Ita kuwa ɗayar ta cikin `AppData` mai giga 6, kada ka share ta daga waje, domin a ciki akwai `tdata` mai riƙe da shigarka asusunka. Ka buɗe Telegram, Settings, Advanced, Manage local storage, ka share ajiyar daga can, ka kuma rage iyakar girman da aka yarda ta kai. Wannan ƙa'ida ce da nake bi a ko'ina: idan manhajar da ta tara abu tana da maɓallin share shi, nata maɓallin ya fi nawa sanin abin da za a bari.

Malam_Yahuza_Riyad

Na karɓi gyara a kan `AppData`. Amma `hiberfil.sys` fa? Wannan na tabbata ana cire shi da umarni ɗaya, kuma ni na yi a tawa ban ga illa ba:

```
powercfg /hibernate off
```

Giga 6.4 ne a take. `pagefile.sys` ma mai RAM giga 16 ba ya bukatarsa.

Injiniya_Sa'adatu

Umarnin daidai ne idan an buɗe Command Prompt a matsayin administrator, kuma ita ce hanyar cire fayil ɗin, ba sharewa da hannu ba. Girmansa yana bin girman RAM, kimanin kashi 40 cikin ɗari, shi ya sa 16 ta ba da 6.4. Abin da ake rasawa shi ne Hibernate da kuma Fast Startup. A kwamfutar tebur ba na jinkirin kashe shi. A ta hannu kuwa ina tunani sau biyu, domin idan batir ya kusa ƙarewa kana tsakiyar rubutu, shi ne yake ba Windows damar zuba abin da ke buɗe a kan faifai kafin ta mutu. `pagefile.sys` kuma a bar shi. Windows yana lissafa shi cikin iyakar abin da zai iya ba manhajoji, kuma idan aka cire shi, ranar da aka buɗe abubuwa da yawa sai manhaja ta rufe kanta ba sallama.

Dan_Misfala

Yanzu na gane kwamfuta ake nufi, a yi mini afuwa. Ni a kan Hibernate ina tare da Injiniya saboda zafin garin nan. Tawa idan na bar ta a Sleep na sa a jaka na bar ta cikin mota, nakan tarar da ita da zafi batir ya ragu sosai. Tun da na koma Hibernate hakan bai sake faruwa ba.

Malam_Yahuza_Riyad

Barin kwamfuta a mota da rana matsala ce daban. Ni dai har yanzu ina ganin mai giga 4 kacal bai kamata ya riƙe 6.4 don abin da wataƙila bai taɓa amfani da shi ba, musamman da yake ana iya dawo da shi da `on` a madadin `off`.

Abu_Hanan_Madina

Ga inda aka kwana. Daga Temporary files na sami giga 16: kwando 9, bayan na ciro fayil biyu da nake so, `Temp` kusan 4 domin wasu sun ƙi sharuwa, sai sabuntawa 3. Telegram ya ba ni 6. Yanzu ina da giga 26, layin ya daina ja. Injiniya, zatonki ya tabbata, `Downloads\Telegram Desktop` giga 19 ce, kusan duk darussan murya ne da littattafai. Umarnin `Dism` ya ce `No`, saboda haka na bar `WinSxS` yadda take. Hibernate ban taɓa shi ba. Saura `System Volume Information` mai giga 12 da babu wanda ya yi magana a kanta, kuma ta ƙi buɗuwa.

Injiniya_Sa'adatu

Ba mamaki `Dism` ya ce haka, tun da Windows Update Cleanup ya riga ya yi wannan aikin. Ita kuwa foldar da ta ƙi buɗuwa, galibin abin da ke cikinta wuraren komawa baya ne na System Restore. Wannan umarnin, a Command Prompt da aka buɗe a matsayin administrator, zai nuna maka abin da suka ci da iyakar da aka ba su:

```
vssadmin list shadowstorage
```

Idan kana son ragewa, ka nemi Create a restore point a Start, ka zaɓi C, ka danna Configure, ka ja Max Usage ƙasa, tsofaffin za su tafi. Maɓallin Delete da ke wurin yana share su duka, har da na baya-bayan nan. Amma ni a matsayinka ba zan taɓa su a wannan makon ba. Ka yi share-share yau, idan wani abu ya karkace gobe su ne hanyar komawarka. Ka kuma sani ba sa dawo da risala idan ta ɓace, fayilolin tsarin da saitunansa suke mayarwa.

Sani_Mai_Waya

Ustaz, ba sai ka jira amsar Hajiya kafin ka sami giga 41 ɗin ba. Ka sayi ko ka ari faifan waje, ka rufe iTunes, ka kwafe foldar gaba ɗaya da sunanta yadda yake. Bayan an gama ka duba Properties na asalin da na kwafin, adadin fayiloli da girman da ke layin Size su zo daidai, sannan ka share na kwamfutar. Ranar da ake bukatarsa sai a mayar da foldar cikin `Backup`, iTunes zai gan ta. Abu ɗaya kawai, ka duba ko akwai alamar kwaɗo kusa da sunan wayar a Devices. Idan akwai, an kulle kwafin da kalmar sirri, kuma ba tare da ita ba babu mai iya mayar da shi.

Ummu_Sadik

Ni ban natsu da kwafi ɗaya a faifan waje ba idan har ya tabbata shi kaɗai ya rage. Faifan waje yana faɗuwa daga tebur. Tun da yana da giga 26 yanzu, me ya sa ba zai kwafe ya kuma bar na kwamfutar ba har ta amsa? Na giga 17 da yake nasa ne ya fara da shi, bayan ya tabbatar babu abin da yake bukata daga tsohuwar wayar.

Abu_Hanan_Madina

Malam Sani, na duba, akwai alamar kwaɗon a kan na Gwaggo, babu a kan nawa. Ni na sa kalmar sirrin a daren, kuma ina da guda biyu da nake zaton ɗayansu ce. Gwaggo ta amsa yanzu, ta ce wayar tana aiki, amma za ta ba jikanta ya duba mata ko hotunan Madina suna ciki idan ya dawo daga makaranta. Akwai hanyar da zan gwada kalmar sirrin a nan ba tare da wayarta tana hannuna ba?